Idan Kamfanin Inshora Ya Ce Kai Ma Kana da Laifi a Haɗarin Mota

Wasiƙar da ke ɓata wa mai mota rai bayan haɗari yawanci gajeriya ce. Kamfanin inshorar wanda ya shigo maka hanya zai rubuto cewa ya duba takardu, ya amince direbansu ya yi kuskure, amma kai ma kana da kashi 40 cikin 100 na laifin, don haka za a biya ka kashi 60 na kuɗin gyara. Mutane da yawa suna karanta wannan kason kamar hukuncin alƙali, su sa hannu, su karɓi abin da aka ba su. Alhali ra'ayi ne na ɓangaren da kuɗin zai fita daga aljihunsa, kuma sau da yawa ma'aikacin da ya rubuta shi bai taɓa taka wurin da abin ya faru ba. Abin da ke gabansa shi ne fom, da hotunan motoci, da bayanin direbansu. Ana iya sauya wannan kason, amma sai da hujjar da za a iya aunawa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Titi ne mai hannu biyu a cikin garin Kano, ba fitilar ba da hannu, ba jami'in KAROTA a wurin. Mai ƙaramar mota yana tafe a hannunsa na dama, ya fuskanci gabas. Daga wani layi da ke damarsa, wata jif ta fito tana son ta tsallaka hannunsa ta karya hagu ta nufi yamma. Mai ƙaramar mota ya taka birki, amma gabansa ya daki jif ɗin a gefen hagu. Ba wanda ya ji rauni. Bamba da fitilu da lagireto da bonet sun tafi, an ƙiyasta gyara a kan naira miliyan 2.4. Mai jif yana da inshorar ɓangare na uku, wato wadda doka ta tilasta wa kowace mota, wadda tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ke nan duk kuɗin gyaran yana cikin iyaka. Sai kamfani ya ce zai biya naira 1,440,000, ya riƙe 960,000, da dalilin cewa mai ƙaramar mota yana gudu kuma bai lura da hanya ba, tunda shi ne ya buga da gabansa.

Asarar ba ta tsaya a 960,000 ba. Duk wanda ya amince yana da kashi 40 na laifi ya buɗe ƙofa ga mai jif ya nemi kashi 40 na gyaran tasa motar. Idan gyaran jif miliyan ɗaya ne, naira 400,000 ke nan za a nema daga wajensa ko daga nasa kamfanin. Shi ya sa ya kamata a kula da kason tun kafin a yi maganar adadin kuɗi.

Tambayar da za a fara da ita

Raba laifi ba ƙirƙirar kamfanoni ba ce. Dokar Najeriya ta yarda cewa idan wanda aka yi wa ɓarna ya taimaka wajen jawo ta da sakacinsa, ana rage masa diyya daidai da rabonsa. Amma akwai sharuɗɗa biyu da wasiƙar kamfani ba ta cika ambata ba. Na farko, wanda ya yi da'awar cewa ka yi sakaci shi ne zai kawo hujja, ba kai ne za ka wanke kanka ba. Na biyu, ba kowane kuskure ne ke rage diyya ba, sai wanda ya taimaka wajen aukuwar ɓarnar. Idan takardun motarka sun ƙare, wannan laifi ne tsakaninka da hukuma, kuma za a iya cin tararka, amma ƙarewar takarda ba ta fito da jif daga layi ba. Haka rashin ɗaura bel: yana iya rage diyyar raunin da ka ji a jiki, amma ba ruwansa da bamba da lagireto.

Don haka abu na farko shi ne ka rubuta wa kamfanin ka nemi su faɗa maka a rubuce wane aiki ne takamaimai ka yi ko ka bari, da wace hujja suka dogara, da wace ƙa'idar hanya ka karya. Ka nemi kwafin rahoton wanda ya ƙiyasta musu ɓarnar da bayanin da direbansu ya bayar. Ko da sun ƙi ba ka komai da komai, amsar da za su bayar za ta takura su zuwa zargi ɗaya ko biyu da za ka iya tunkara. A misalinmu zargin biyu ne, gudu da rashin lura, kuma duka biyun an gina su ne a kan zancen nan da ya zama ruwan dare a bakin titi, wai wanda ya buga da gaba shi ne mai laifi. Zancen yana da gaskiya a inda ka bi mota ta baya ka daka ta, domin wajibinka ne ka bar tazara. Ba ya aiki a inda aka shigo maka ta gefe.

Zanen wurin haɗari

Idan 'yan sandan sashen kula da haɗarin mota suka zo, sukan auna wuri su yi zane a takarda, direbobi biyu su sa hannu, daga baya kuma jami'in VIO ya duba motocin ya rubuta halin birki da taya da sitiyari. Wannan zanen shi ne ginshiƙin duk gardamar, kuma yawancin mutane suna sa masa hannu hankalinsu a tashe ba tare da sun duba ba. Ka nemi kwafinsa da hatimi, ka zauna da shi a natse.

Abin da za ka fara nema shi ne inda aka yi karon, wanda daban yake da inda motoci suka tsaya. Bayan karo motoci suna matsawa, wani lokaci ma jama'a sun riga sun tura su gefe kafin ɗan sanda ya iso. Idan mai zane ya ɗauki inda ya tarar da mota ya sa alamar karo a nan, duk lissafin ya karkace. Ana gane ainihin wurin da wasu alamomi: inda sawun birki ya yanke ko ya karkace kwatsam, inda ƙarfe ya karci kwalta, inda busasshiyar ƙasar da ke ƙarƙashin mota ta zube. Fasassun gilasan fitila suna taimakawa, sai dai suna watsuwa gaba, ta inda mota ta nufa, don haka tarinsu yakan ɗan wuce ainihin wurin. Ruwan lagireto kuwa yakan fi taruwa a inda mota ta tsaya.

A misalinmu zanen ya nuna faɗin hannun mai ƙaramar mota mita 3.5, da kafaɗar titi mita 1.5 tsakaninsa da bakin layi. Sawun tayoyinsa biyu suna tsakiyar hannunsa, a miƙe, tsawonsu mita 9, suka yanke daidai gaban layin. Wannan kaɗai ya tabbatar da cewa bai bar hannunsa ba, kuma ba ƙoƙarin wuce wata mota yake yi ba. Abin yana da nauyi, domin da sawun ya nuna shi a hannun masu tahowa, yana wuce jerin motoci a bakin mahaɗa, to ƙa'idar hanya ta hana hakan, kuma ba wasiƙar da za ta cire masa rabonsa na laifi.

Sai a haɗa zanen da hoton jif. Ina ne dukan ya same ta? A nan ya same ta a tayar gaba ta hagu da madigadin da ke kanta, ya ɗan taɓa farkon ƙofar direba. Ma'ana hancin jif bai yi tafiyar da ta wuce kamar mita 4 daga bakin layi ba, wato mita 1.5 na kafaɗa da kamar mita 2.5 cikin hannun mai ƙaramar mota. Shigowarta ke nan aka same ta. Da a ce dukan a ƙofar baya ko a but yake, da kamfani yana da abin faɗa, domin hakan na nufin jif ta kusa gama tsallakawa, ta daɗe a gabansa, kuma mai lura da hanya zai iya rage gudu ya bar ta ta wuce. Ina ganin wannan ita ce hujjar da aka fi sakaci da ita, alhali hoto ɗaya na waya ya isa ya kawo ta.

Abin da mita 9 ke faɗa game da gudu

Zargin gudu ana amsa shi da lissafi. Masu binciken haɗari suna da hanyar ƙiyasta gudun da birki ya cinye daga tsawon sawun taya:

```
v = √(254 × f × d)
```

A nan v shi ne gudu a kilomita cikin awa, d tsawon sawu a mita, f kuma ƙarfin riƙon taya da titi, wanda a busasshiyar kwalta mai kyau ana ɗaukar sa kusan 0.7. Idan ka sa mita 9, za ka sami kilomita 40. To amma kada ka rubuta wa kamfani cewa gudun 40 kake yi, domin duk wanda ya san aikin zai kama ka. Motar ba ta tsaya a ƙarshen sawun ba, karo ta yi, ke nan akwai ragowar gudu a lokacin dukan. Ragowar ba a tara ta kai tsaye. Ana ninka kowane gudu da kansa, a haɗa, sannan a ciro tushe. Idan motar ta daki jif tana kan kilomita 30, to 1,600 da 900 sun zama 2,500, tushensu 50. Kilomita 50 a awa kuwa shi ne iyakar gudun da ƙa'idar hanya ta Najeriya ta yarje wa ƙaramar mota a cikin gari.

Yanzu juya lissafin ka gwada zargin kamfani. Idan da gudun 70 yake yi kafin ya taka birki, to bayan mita 9 zai daki jif yana kan kusan kilomita 57. Karo a wannan gudun ba ya tsayawa a bamba da lagireto. Gaban motar zai tattare, jakunkunan iska za su fashe, jif za ta juya ta bar wurin da nisa, direbanta da ke daidai gefen da aka daka da wuya ya fito yana gardama a kan ƙafarsa. Zanen kuwa ya nuna motocin biyu sun tsaya kusan mita 2 daga wurin karo, rahoton VIO bai ambaci fashewar jakar iska ba. Ba ka buƙatar ka tabbatar da cewa 48 ko 51 kake yi. Ya wadatar ka nuna cewa alamomin sun dace da gudun da doka ta yarda, kuma ba su dace da wanda ake zargin ka ba.

Lissafin yana da iyakarsa. Motocin da birkinsu ba ya kulle taya sukan bar sawu mara ƙarfi ko su ƙi barin komai, kuma abin da suka bari yakan goge cikin sa'o'i kaɗan. Yashi a kan kwalta, wanda titunanmu ba sa rabuwa da shi, ko ruwan sama, suna rage riƙon taya, sai mota ta ja dogon sawu ko da ba ta gudu sosai. Idan kamfani ya nuna maka dogon sawu ya ce shaida ce ta gudu, ka duba ko zanen ya rubuta halin titin a ranar, ka kuma kawo hoton da ke nuna yashin.

Saura zargin rashin lura, kuma lokaci ne ke amsa shi. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Direban da abu ya faɗo wa ba zato yana ɗaukar kamar sakan ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta danne birki, wato kusan mita 21. Ƙara mita 9 na sawu, ka ga ya hango haɗarin yana da tazarar kamar mita 30. Tsayawa cak daga wannan gudun na buƙatar mita 21 ɗin nan da wasu mita 14 na birki, jimilla 35. Ke nan mita 5 suka yi masa ƙaranci, kuma ba yadda zai yi ya samo su. Daga hangowa zuwa karo sakan biyu ne da 'yan kai. Ita kuma jif da ta taso daga tsaye, tana buƙatar kusan wannan lokacin ne ta ci mita 4. Lokutan biyu sun yi daidai, ma'ana ya ankara ne a daidai lokacin da jif ta motsa. Wanda hankalinsa ke kan waya ba ya barin irin wannan sawun.

Shaidar gani da ido

Duk lissafin nan ya rataya ne a kan cewa jif ta fito kwatsam. Direbanta kuwa ya gaya wa kamfaninsa cewa ya tsaya, ya duba, hanya ba kowa, sai ga mota kamar an jefo ta. A nan shaida yake shigowa.

Kamfani ba ya ba maganar matarka ko ƙaninka da ke cikin motar nauyi sosai, ko da gaskiya suka faɗa, domin naka ne. Wanda ake nema shi ne wanda ba ruwansa da kowa kuma yana da dalilin kasancewa a wurin: mai faci da ke bakin layin, mai shayi, mai gadin shago, ɗan adaidaita sahu da ke jiran fasinja. Amfanin irinsu shi ne za ka same su gobe a inda ka bar su. Sai dai mutanenmu suna gudun abin da zai kai su ofishin 'yan sanda, kuma suna da dalili. Ka je da kanka, ka yi sallama, ka bayyana cewa abin da kake so shi ne a rubuta abin da ya gani kawai. Idan ka tarar da dattijo ne, "Baba, ba kotu zan kai ka yau ba, abin da idonka ya gani nake so a rubuta" ya fi duk wani alkawari. Kada ka ba shi kuɗi a kan shaidar. Ranar da aka gano, shaidar ta mutu, kai ma an daina yarda da maganarka.

Yadda ake rubuta bayanin ya fi yawan shaidu muhimmanci. Shaidar da ta ce "wallahi mai jif ne da laifi" ba ta da amfani, domin hukunci ce, kuma ba aikin shaida ba ne. Abin da ake so shi ne inda yake zaune, da inda ya fuskanta, da abin da ya fara jawo hankalinsa, da abin da ya biyo baya bi da bi. A misalinmu mai faci ya ce yana zaune a kan benci a kusurwar layin, jif ta zo ta tsaya a gabansa, akwai adaidaita da aka ajiye a kafaɗar titi ta hagun direban, direban yana kallon damarsa yana jiran gibi a cikin motocin da ke tafiya yamma, da ya samu sai ya taka ya fita bai sake waiwayar hagu ba, nan take aka ji ƙarar birki. Wannan bayanin ya bayyana yadda direba zai rantse cewa ya duba, kuma bai yi ƙarya ba: ya duba hagu da farko, adaidaita ta tare masa gani, sannan ya ɓata lokaci yana kallon dama.

Ka tabbata shaidan ya gani ne, ba ƙara ya ji ya juyo ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke taruwa bayan haɗari ba su ga komai ba sai ƙarshensa. Ka kuma bar maganar gudu daga bakinsa, domin mutumin da ke zaune a gefen titi ba ya iya auna kilomita da ido, kuma idan ya faɗi adadi za a yi amfani da shi a rushe sauran maganarsa. A rubuta da harshen da ya yi magana, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala, da kwanan wata. Idan za a fassara zuwa Turanci, a haɗa da na asalin. Idan ya yarda a mayar da shi takardar rantsuwa a kotu, ya fi ƙarfi. Sannan ka koma kan zanen ka sa alamar inda bencinsa yake da inda adaidaitar take. Idan zanen 'yan sanda bai nuna adaidaitar ba, kada ka taɓa nasu, ka yi naka daban da awo daga abin da ba ya motsi kamar turken wuta ko kusurwar gini, ka haɗa da hotuna. Shagunan da ke da kyamara kuwa a tambaye su a cikin kwanakin farko, domin na'urar tana goge tsohon hoto da kanta.

Ƙa'idar hanya, da inda take iya juyo maka

Ƙa'idar da ta shafi wannan karon ba ta da sarƙaƙiya. Littafin ƙa'idojin hanya na hukumar FRSC da dokokin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun ɗora wa mai fitowa daga ƙaramar hanya nauyin ba masu babbar hanya wuri, kuma kada ya shiga sai ya tabbatar ba haɗari. Abin da ya tare masa gani ba uzuri ba ne, ƙarin dalili ne na ya lallaɓa a hankali har ya ga hanya. A wasiƙarka ka kawo ƙa'idar kamar yadda take a littafin, ka haɗa hoton shafin, ka kuma nuna da hoto wace ce babbar hanya, tunda yawancin layukanmu ba su da allon tsayawa ko farin layi.

Amma mai babbar hanya ma ba a sake masa baki ɗaya ba. Iyakar 50 ba izini ba ne na yin 50 a ko'ina. Idan wurin bakin kasuwa ne, ko ƙofar makaranta lokacin tashi, ko da dare ne fitilarka ɗaya ta mutu, ko VIO ya rubuta cewa tayoyinka sun cinye ko birkinka ba ya kamawa daidai, kamfani zai ce direba mai hankali zai rage gudu ko ya gyara motarsa, kuma alƙali na iya yarda. Ka duba waɗannan da kanka tun kafin ka rubuta. Idan akwai ɗaya a cikinsu, ya fi maka ka yi gardama a kan girman kason, ka ce 10 ko 15 ne ba 40 ba, da ka dage a kan ba ka da komai alhali takarda na ƙaryata ka.

Wanda haɗarin ya same shi a Maraɗi ko Damagaram zai tarar da tsari daban. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda ke da jadawalin raba laifi bisa yanayin karo, don haka gardamar a can takan koma kan wane yanayi ne a jadawalin ya dace da zanen.

Rubuta ƙorafin

Wasiƙar kada ta wuce shafi biyu, kuma kada a sa zagi ko labarin wahalar da ka sha. Ka sa lambar fayil da ranar haɗari, ka ce ba ka amince da rabon 60 da 40 ba, sannan ka ɗauki zargin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa da lambar takardar da ka maƙala. Gundarinta zai yi kama da haka: zanen 'yan sanda ya nuna karon a cikin hannuna; ɓarnar jif a tayar gaba take, wanda ke nuna shigowarta ke nan; sawun mita 9 da girman ɓarnar sun dace da gudun da bai wuce ƙa'ida ba; shaida mai zaman kansa ya ga direbanku ya fita yana kallon dama; don haka ina neman a biya naira 2,400,000 cikakku, ko a nuna mini hujjar da ta saɓa wa waɗannan. Ka ba su wa'adi, kamar mako biyu. Ka kai da hannu a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka kuma tura ta imel.

Abubuwa biyu ne ke kashe irin wannan ƙorafin tun kafin a fara. Ɗaya shi ne sulhun bakin titi ko na caji ofis, inda dattawa ke cewa ƙaddara ce, kowa ya gyara tasa, a rubuta a sa hannu. Niyyar mai kyau ce, amma takardar za ta iso teburin kamfani a matsayin yafewa. Ɗayan kuwa ita ce takardar sallama da kamfani ke bayarwa kafin ya biya, wadda ke cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Idan ka sa mata hannu a kan 1,440,000, maganar 960,000 ta rufe. Idan kana buƙatar kuɗin don fara gyara, ka nemi su biya abin da ba a gardama a kansa tare da rubuta cewa sauran yana nan ana tattaunawa. Kuma kada bakanike ya taɓa motar sai mai ƙiyasin kamfani ya gan ta, ka ɗauki hotunanta ta kowane gefe, ka ajiye kayan da aka cire.

Wanda ke da cikakkiyar inshora ko takaful a kan motarsa yana da hanya mafi sauƙi. Nasa kamfanin zai gyara masa bisa yarjejeniyarsu, ban da ɗan kason da aka rubuta cewa shi zai ɗauka, sannan ya bi ɗaya kamfanin ya karɓo kuɗinsa. Duk da haka ya miƙa musu zanen da bayanin shaida, ya kuma rubuta cewa bai amince da wani rabon laifi ba, domin kamfanoni biyu na iya daidaitawa a tsakaninsu a kan abin da zai taɓa ragin da ake yi masa na rashin haɗari a shekara mai zuwa.

Idan sashen biyan diyya ya ƙi motsawa, a kai maganar sashen ƙorafi na kamfanin, daga nan sai ofishin karɓar ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, da kwafin duk wasiƙun da aka yi musaya. Kotu ce kaɗai ke yanke rabon laifin da ya zama dole a kan kowa, kuma ƙarar ana shigar da ita ne a kan direban da mai motar, kamfanin ya tsaya a bayansu.  A kotu ɗan sandan da ya yi zanen da mai facin za su iya zuwa a yi musu tambayoyi, hotunan waya kuma sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, don haka kada ka goge na asali ko ka sayar da wayar. Shigar da ƙara yana da wa'adi, kuma musayar wasiƙa da kamfani ba ta tsayar da shi. Idan motar da ta shigo maka ta ma'aikatar gwamnati ce tana kan aiki, dokar kare jami'an gwamnati na iya taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal, don haka a irin wannan a ga lauya tun a makon farko.